Idan kamfani ya ƙi mayar maka da kuɗinka bayan ka fasa saye, kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci

'Yan uwana mazauna Saudiyya, maza da mata, musamman mu na nan Riyad. Rubutun yau yana da ɗan tsawo, don Allah ku daure ku karanta har ƙarshe, domin maganar kuɗin guminku ce.

Akwai kalma ɗaya da ta cinye mana kuɗi a ƙasar nan fiye da yadda muke zato, wato "na bar wa Allah." Mutum zai sayi kaya ta waya, a ƙi kawo masa, ya ce ya fasa, kamfani ya ce babu mayarwa, sai ya ja tsaki ya ce ya bar wa Allah. In ka matsa shi da tambaya sai ka tarar tsoro ne ya hana shi motsi. Yana ganin da zarar ya kai ƙara wurin hukuma za a kira kafilinsa, ko a taɓa masa iƙama. Ni ra'ayina shi ne, barin wa Allah yana zuwa ne bayan ka ƙwanƙwasa ƙofar da aka buɗe maka. Ƙofar kuwa tana cikin wayarka, kyauta ce, kuma ba a neman izinin kafili kafin ka shiga. Dokar saye da sayarwa tana magana ne a kan mai saye, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo.

Bari in ba ku abin da ya same ni, sai mu bi shi daki-daki.

Mu uku ne a ɗaki a nan Nasim. Wanda ya san zafin Riyad a watan Yuni ya san mukayyif ba kayan gayu ba ne, in ya mutu barci ya ƙare. Namu ya mutu, muka haɗa kuɗi, ni na sa riyal 450, su biyun kowa 350, ya zama 1,150. Ranar 2 ga Yuni na yi odar sabo daga wani shago na intanet, na biya da katina na mada. A rubuce suka ce za su kawo ranar 5 ga wata. Ranar 5 ta wuce shiru. Na kira, aka ce "bukura insha Allah." Na sake kira, bukura. Ranar 12 na gaji, na kira na ce na fasa, a mayar mini da kuɗina. Wanda ya ɗauka ya ce "tamam," ni kuma na kwanta da murna.

Wannan shi ne kuskurena na farko. Bayan kwana biyar na sake kira in ji labarin kuɗi, wani daban ya ɗauka ya ce babu inda aka rubuta cewa na fasa. Gaskiyarsa kuwa, ba ni da abin nunawa. Maganar baki ce, iska ta tafi da ita. Abokan ɗakina kuma sun fara yi mini wani irin kallo, don kuɗi ta hannuna suka bi. Kun san yadda abin yake, kuɗin haɗaka in ya maƙale zumunci ne ke fara lalacewa.

A nan ne wani dattijo ɗan garinmu da ya daɗe a ƙasar ya zaunar da ni ya ce, "Ɗana, a nan da kwanaki ake lissafin haƙƙi, kuma da takarda ake karɓarsa." Shi ya nuna mini dokar.

Saudiyya tana da dokar kasuwancin intanet da ta fito a 2019, Ma'aikatar Kasuwanci ce ke kula da ita. Lamba biyu kawai nake so ku riƙe daga cikinta, 7 da 15.

Ta farko tana cikin sashe na 13. In ka sayi kaya ta intanet, kana da kwana 7 bayan kayan sun shigo hannunka ka ce ka fasa, ko da kayan lafiyarsu ƙalau. In hidima ce ka biya, kwana bakwai ɗin suna farawa daga ranar da kuka ƙulla ciniki. Sharaɗin shi ne ba ka yi amfani da abin ba, ba ka ci moriyarsa ba. Kuma kuɗin da fasawar ta jawo, kamar na mayar musu da kayan, a kanka yake, sai dai in kun yi yarjejeniyar su za su biya.

Ta biyu tana cikin sashe na 14. In kamfani ya yi jinkirin kawo kaya fiye da kwana 15 daga ranar ciniki ko daga ranar da aka yi alkawari, kana da damar fasawa a mayar maka da abin da ka biya, sai dai in wani abu da ya fi ƙarfin kowa ne ya hana su. Tawa matsalar a nan ta faɗa.

To ga yadda na yi lissafi. In na ƙirga daga ranar oda, 2 ga wata, kwana 15 sun cika ranar 17. In na ƙirga daga ranar alkawari, 5 ga wata, sun cika ranar 20. Na zaɓi ta biyun don kada in bar musu kafar gardama. Ranar 21 ga Yuni na rubuta musu saƙo ta WhatsApp ɗin shagon, na kuma tura irinsa ta imel ɗin da ke kan shafinsu. Da Larabci na tura, kuma gajere ne, ga shi ga mai buƙata:

أطلب إلغاء الطلب رقم (...) واسترداد المبلغ كاملاً لتأخر التسليم أكثر من 15 يوماً

Ma'anarsa, ina neman a soke oda mai lamba kaza, a mayar mini da kuɗina cif, saboda jinkirin kawowa ya wuce kwana 15. Babu zagi, babu roƙo, babu labarin zafin da muke sha. Ina turawa na ɗauki sikirinshot yadda ranar da lokacin suka fito sarai.

Ranar 23 suka amsa. Suka ce tsarin kamfaninsu bai yarda da mayar da kuɗi ba, amma za su zuba mini 1,150 ɗin a cikin asusun manhajarsu in sayi wani abu a wurinsu. In kuma lallai kuɗi nake so, za su cire riyal 150.

Jama'a ku kula da wannan wurin, don a nan yawancinmu ke faɗuwa. Kuɗin da aka zuba maka a asusun shago bai dawo hannunka ba. Ba za ka iya tura shi gida ba, ba za ka biya haya da shi ba, dole ka sake saye a wurin mutanen da suka riga suka saɓa maka. In ka amsa "tamam" a kan wannan, ka ba su hujja a rubuce cewa kun sasanta. Shi kuma tsarin kamfani da suke faɗa, ba ya hawa kan dokar ƙasa. Na amsa musu da layi ɗaya cewa ban yarda ba, a mayar da kuɗin ta katin da na biya. Na sake ɗaukar sikirinshot. Wannan ƙin da suka yi a rubuce ya fi mini amfani fiye da duk kiran da na yi a baya.

Ranar 24 na kai ƙara. Ga yadda ake yi.

Hanya biyu ce. Ko ka kira 1900, lambar Ma'aikatar Kasuwanci ta karɓar ƙorafi, ko ka sauke manhajarsu mai suna بلاغ تجاري, wato Balagh Tijari. Ni na fi son manhajar, domin a nan kake liƙa hotuna, kuma wanda Larabcinsa bai nuna ba zai zauna a natse wani ya taya shi rubutawa. Ana shiga ta Nafath, shi kuma Nafath yana tafiya ne da asusunka na Absher. Kafin ka buɗe ta, ka tara abu biyar wuri ɗaya: fatura ko saƙon tabbatar da oda, saƙon banki da ya nuna an cire kuɗin, inda suka rubuta ranar kawowa, saƙon da ka ce ka fasa, da amsar da suka ba ka. Sai ka zaɓi cewa ƙorafinka a kan shagon intanet ne, ka sa sunan shagon da adireshin shafinsa, ka sa lambar oda.

Wurin bayani, kada ka yi dogon wa'azi. Ma'aikacin da zai karanta yana da ƙorafi da yawa a gabansa. Ni abin da na rubuta bai wuce layi biyar ba: na yi oda ranar 2, na biya 1,150, an yi alkawarin ranar 5, ba a kawo ba, na fasa a rubuce ranar 21, sun ƙi ranar 23, ina neman kuɗina cif ta katina. Ka faɗi abin da kake so a yi maka ƙarara. Mai cewa "a bi mini haƙƙina" kawai ya bar wa wani ya zaɓa masa, kuma yana iya ƙarewa da asusun shagon nan da ya ƙi tun farko.

Ina gamawa aka ba ni lambar ƙorafi. Wannan lambar ku adana ta kamar lambar iƙama, da ita ake bin sawun magana.

Ranar 30 sai ga kira daga shagon, murya ta canza, yanzu na zama "ya ustaz." Mutumin ya ce za su mayar da kuɗin, amma in taimaka in rufe ƙorafin tukuna. Na ce masa in na ga saƙon banki zan rufe da hannuna. Ya yi ta magiya, na tsaya a kan bakana. Ranar 6 ga Yuli riyal 1,150 suka shigo, ko halala ba a cire ba. Na ba kowa nasa a daren.

Me ya sa suka sauko? Domin dokar tana da haƙora. Wanda ya saɓa mata ana iya yi masa gargaɗi, ana iya cin tararsa har riyal miliyan ɗaya, ana iya dakatar da kasuwancinsa ko a toshe shafinsa. Mai shagon da ke da rajista ba zai so buɗaɗɗen ƙorafi a kansa saboda kuɗin mukayyif ɗaya ba. Shi ya sa ƙorafin da ke buɗe shi ne ƙarfinka. In ka rufe kafin kuɗi su shigo, ka miƙa sandarka ga wanda kuke rigima da shi. In kuma ka ga an rufe ƙorafin alhali ba ka ga komai ba, kira 1900, ka ba da lambar, ka ce ba a biya ka ba.

Yanzu bari in faɗi ɗaya ɓangaren, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba kowace fasawa ce doka ta tsaya mata ba, kuma kai ƙarar da ba ta da tushe ɓata lokacinka ne.

Wani abokina ya sayi waya ta intanet. Ya ɓare kwali, ya sa layi, ya yi kwana huɗu yana ɗaukar hotuna da ita, sai ya ga wata ta fi ta kyau. Ya ce ai kwana 7 ba su cika ba. Ya kai ƙara, bai samu komai ba, kuma ni ban ga laifin kowa ba sai nasa. Kwana bakwai ɗin na wanda bai taɓa amfani da kayan ba ne. Da wayar ta zo da aibi, wannan magana ce daban, ta garanti da kayan da ba su da lafiya. Amma "na canza ra'ayi" bayan ka mori abu, babu. Saboda haka in manduba ya miƙo maka kaya kuma zuciyarka tana rawa, kada ka kunna, kada ka cire leda. Ɗauki hoton kwalin yadda yake, ka rubuta saƙon fasawa a ranar.

Akwai kuma abubuwan da doka ta cire daga kwana bakwai ɗin tun asali. Abin da aka yi maka shi musamman bisa umarninka, kamar jallabiya ko abayar da aka ɗinka da awonki, ba a fasa shi sai in yana da aibi. Haka littattafai da jaridu. Haka hidimar masauki, da ta sufuri, da ta abinci. Wannan na sufuri ya shafe mu ƙwarai, domin tikitin jirgi yana ciki. In ka yanki tikitin Kano ko Yamai, kai da kanka ka fasa tafiya, sharuɗɗan tikitin ne za su yi hukunci, shi ya sa mai araha yakan zama wanda ba a mayarwa. In kuwa kamfanin jirgin ne ya soke tafiyar, kana da haƙƙi, amma ba a Ma'aikatar Kasuwanci ake nemansa ba.

Sannan kwana 7 ɗin nan na cinikin intanet ne. In da ƙafarka ka shiga shago a Bataha ko a nan Nasim ka sayi abu mai lafiya, abin da shagon ya rubuta a tsarinsa na mayarwa da canji shi za a bi. Dole ne ya kasance yana da tsarin a rubuce inda mai saye zai gani, kuma an hana rubuta cewa kayan da aka sayar ba a mayarwa ba a canzawa. In ya rubuta kwana uku, ka dawo a rana ta biyu da fatura ya ƙi karɓa, ɗauki hoton allon da ya rubuta, ka kai ƙara ta manhajar nan. In babu fatura kuwa, ka sa kanka a wahala. Riyal goma ko dubu, ku riƙa karɓar fatura.

Maganar ƙofa kuma. Da yawa suna cewa sun kai ƙara ba a yi komai ba, in ka bincika sai ka ga ƙofar da ba tasu ba suka buga. Rigimar tikitin jirgi ta hukumar jiragen sama ce, GACA. Rigimar layin waya ko intanet ɗin gida, misali ka ce a yanke maka amma ana ta turo bil, ta hukumar sadarwa ce, CST. Rigimar banki da kamfanonin biya kashi-kashi ta babban banki ce, SAMA. Dukansu tsarinsu kusan ɗaya ne: ka fara kai ƙorafi wurin kamfanin, ka karɓi lambar ƙorafi, in ba su warware ba sai ka ɗaga zuwa hukuma da wannan lambar. Wanda ya tsallake matakin farko, mayar da shi za a yi.

Tunda na ambaci biya kashi-kashi, ga gargaɗi. In da irin wannan tsarin ka sayi kayan, kuma shago ya ƙi soke oda, kada ka ce don haushi ka daina biya. Kamfanin da ya ba ka bashi daban, shagon daban. Ka sanar da su a rubuce cewa akwai rigima a kan odar, ka ba su lambar ƙorafinka, amma kada ka bar wata ya wuce ka. Bashin da aka yi jinkirinsa yana iya shiga tarihinka a SIMAH, ka zo neman wani abu gaba ya tare maka hanya.

Gargaɗi na biyu ya fi wannan zafi. Na san halinmu, in rai ya ɓaci sai a kunna kyamara a hau TikTok, a kira sunan shago a ce ɓarayi ne. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, nan ba gida ba ne. Dokar laifukan intanet ta ƙasar nan ta sa wa ɓata suna hukuncin ɗauri har shekara ɗaya, ko tara har riyal 500,000, ko duka biyun. Kana bin mutum riyal dubu, ka wayi gari shi ke ƙararka. Kun lura ko ni ban faɗi sunan shagon da muka yi da su ba. Ku kai sunan inda zai yi aiki, wato cikin ƙorafi.

Wani zai ce, to mu da iƙamarmu ba ta daidai ba fa, ko ba mu da Absher? Gaskiya ita ce manhajar ba za ta buɗe maka ba. Shi ya sa in za a haɗa kuɗi a sayi abu mai tsada, a yi odar da suna da lambar waya da katin wanda takardunsa ke lafiya, kuma amintacce. Wanda sunansa ke kan fatura shi ke da bakin magana. Ku mata masu aikin gida da kuke ba direba ko wata ƙawa kuɗi a yi muku oda, ki ce a turo miki hoton faturar da saƙon oda a ranar, kada ki jira sai rigima ta tashi.

Wani kuma zai ce, duk wannan wahalar a kan riyal ɗari biyu? Ni na ce ka juya riyal ɗari biyun zuwa naira ko sefa, ka tuna kwana nawa ka tsaya a rana kafin ka same su, ka tuna abin da za su yi a gidanku. Cike ƙorafin bai ɗauke ni rabin awa ba. Kuma duk wanda ya yi shiru ya koya wa mai shagon cewa baƙar fata mai gurɓataccen Larabci ba ya kai ƙara, gobe ɗan'uwanka zai yi wa.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya kamata ya zo tun kafin ka biya. Duk abin da na faɗa yana aiki ne in akwai wanda hukuma za ta kama. Shagon gaskiya yana nuna sunansa da lambar rajistarsa ta kasuwanci, sijil tijari, a kan shafinsa, kuma ana tantance shagunan intanet ta Cibiyar Kasuwanci ta Saudiyya. In mai sayarwa ba shi da komai sai lambar WhatsApp da hotuna a Snapchat, kuma ya ce ka tura kuɗi asusun wani mutum, to in ya toshe ka maganar ta tashi daga fasa ciniki ta koma damfara, sai banki da 'yan sanda, kuma dawowar kuɗin da wuya. Minti biyu na dubawa kafin ka danna biya ya fi wata biyu na zarya.

Mukayyif dai daga baya da ƙafata na je na saya, na karɓi fatura, na ɗauki hotonta tun ina bakin shagon. Wanda ke cikin irin wannan rigimar yanzu, yau ɗin nan ya buɗe wayarsa ya duba ranar da ya yi oda da ranar da aka yi masa alkawari, ya ƙirga kwanakinsa, ya rubuta saƙon fasawa kafin ya kwanta. Don Allah ku tura wa 'yan uwa, musamman sababbin zuwa. Allah Ya tsare mana guminmu, Ya sa mu koma gida lafiya da abin da muka zo nema. Amin.